Dalilai uku na ƙalubalantar matakin hukuma a kotu: jadawalin bita da yadda ake aiki da shi

*"Malam, jarrabawar dokar gudanar da mulki ta ƙarato. Na haddace shari'o'i sun fi talatin, amma da an ba mu labari an ce mu ba mai ƙara shawara, sai dalilan nan uku na Diplock su cakuɗe mini. Don Allah a tsara mini su a jadawali ɗaya da zan riƙa bita da shi."*

Shari'o'i talatin sun yi miki yawa, ɗiyata. Goma sha biyu sun isa, muddin kin san tambayar da kowace ke amsawa. Abin da ke cakuɗa miki su shi ne kin haddace su a matsayin labarai, alhali kowane dalili tambaya ce guda da alƙali ke yi wa hukuma. Sunayensu na Turanci suna cikin littafinki, ni da Hausa zan kira su: saɓa wa doka, saɓa wa tsari, saɓa wa hankali.

Kafin jadawalin, ki riƙe abu ɗaya da komai ya rataya a kansa. Wannan ba ɗaukaka ƙara ba ce. A ɗaukaka ƙara ana tambayar ko hukuncin ya yi daidai. A nan kuwa kotu ba ruwanta da ko matakin ya yi kyau ko bai yi ba, abin da take dubawa shi ne ko an ɗauke shi bisa halal. Alƙali zai iya ganin matakin wauta ne, ya kuma bar shi yadda yake, domin majalisa ba shi ta ba ikon ba, hukuma ta ba.

Rabon gida ukun ya fito ne daga bakin Mai shari'a Diplock a shari'ar GCHQ, wadda aka yanke a 1984, littattafai kuma ke kawo ta da shekarar 1985. Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta hana ma'aikatan GCHQ, cibiyar leƙen asirin sadarwa da ke Cheltenham a Ingila, shiga ƙungiyar ƙwadago, ba tare da ta tuntuɓe su ba. Shekarun da na sa a jadawalin su ne waɗanda ake kawo shari'o'in da su.

| Dalili | Tambayar da kotu ke yi | Abin da za ki nema a cikin labarin | Shari'o'i |
|---|---|---|---|
| Saɓa wa doka | Shin hukuma ta fahimci dokar da ta ba ta iko, ta kuma tsaya cikin huruminta? | Ta yi abin da ba a ba ta ikon yi ba. Ta yi amfani da iko don wata manufa dabam. Ta ɗaure kanta da ƙa'ida ta ƙi sauraren kowa. Wani dabam ne ya yanke | Fulham 1921, Padfield 1968, British Oxygen 1971, Barnard 1953 |
| Saɓa wa tsari | Shin an bi hanyar da doka ta shimfiɗa, an kuma yi wa mutumin adalci a kan hanyar? | Ba a sanar da shi zargi ba. Ba a ji ta bakinsa ba. Mai yanke hukunci yana da hannu a maganar. An saba tuntuɓa sai aka tsallake | Ridge 1964, Dimes 1852, Porter 2002, Hook 1976, Garba 1986 |
| Saɓa wa hankali | Shin akwai wata hukuma mai hankali da za ta iya kaiwa ga wannan matsaya? | Matakin da babu wata hujja da za ta iya riƙe shi, ko horon da ya yi wa laifi nisa ƙwarai | Wednesbury 1948, GCHQ 1985, Daly 2001 |

Za ki lura na sauya jerin. Diplock ya sa hankali a na biyu, ni na kai shi ƙarshe, kuma da gangan na yi. A takardun da nake dubawa, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya karanta labari, ransa ya ɓaci da zaluncin da aka yi wa mai ƙara, sai ya rubuta cewa matakin ya saɓa wa hankali, ya kawo Wednesbury, ya wuce. Alhali a sakin layi na biyu na labarin an faɗa masa ƙarara cewa magatakarda ne ya sa hannu a takardar, ba kwamitin da doka ta ambata ba. Makin yana can, shi kuma yana nan yana fushi.

Layin farko ya fi kowanne faɗi, kuma ba ya buɗuwa sai da dokar a hannu. Duk tambayar da aka ba ki za a kawo miki wani sashe na doka, ko da na ƙirƙira ne. Ki ja layi a ƙarƙashin abu uku: wa aka ba ikon, ikon yin me, kuma don me. Kowace shari'a a wannan layi tana amsa ɗaya daga cikin ukun.

Ikon yin me? Wannan ita ce Fulham. Doka ta ba ƙaramar hukuma ikon gina wuraren wanki inda mutane za su zo su wanke kayansu da hannunsu. Sai ta buɗe sana'ar wanki, ma'aikatanta na karɓar kaya su wanke a biya su. Kotu ta ce an wuce gona da iri. Ba wanda ya ce wankin ya cutar da kowa, ikon ne kawai babu.

Don me? Wannan ita ce Padfield, kuma ita ce nake so ki fi daɗewa a kanta. Masu kiwon shanun madara na kudu maso gabashin Ingila sun koka kan farashin da hukumar cinikin madara ke biyansu. Doka ta ce za a kai koke gaban kwamitin bincike idan minista ya ba da umarni. Minista ya ƙi, kuma daga takardun ma'aikatarsa aka gane cewa cikin abin da yake gudu har da kunyar siyasa, idan kwamitin ya ba manoman gaskiya. Ya kafa hujja da cewa doka ta bar masa zaɓi ba tare da sharaɗi ba. Alƙalai suka ce babu wani zaɓi marar iyaka. Majalisa ta ba shi ikon ne don cika manufar dokar, ba don ya toshe ta ba. Saboda haka duk inda kika ga labari ya ce "kamar yadda hukuma ta ga dama", kada ki ɗauka an rufe ƙofa. Ki nemi dalilin da ya sa hukumar ta yi abin da ta yi, ki gwada shi da manufar dokar. Nan ne kuma ake shigar da maganar la'akari da abin da bai shafi batun ba, ko yin watsi da abin da ya shafe shi.

Wa aka ba ikon? A Barnard, hukumar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ce ke da ikon dakatar da ma'aikaci, sai manajan tasha ya dakatar da su, kotu ta soke. Amma a nan akwai tarko. Idan minista aka ba ikon, jami'in ma'aikatarsa ya yi aikin da sunansa, wannan ba laifi ba ne, bisa ƙa'idar Carltona ta 1943, domin ba mai tsammanin minista ya karanta kowace takarda da kansa.

British Oxygen kuma tana koyar da abin da ɗalibai ke yawan juyawa. Ma'aikata ta kafa ƙa'ida cewa ba za ta ba da tallafi kan kayan da kuɗinsu bai kai fam 25 ba. Kamfanin ya kashe sama da fam miliyan 4 wajen sayen tukwanen iskar gas, amma kowace tukunya kusan fam 20 ce. Ya kai ƙara, ya sha kaye. Kotu ta ce hukumar da ke karɓar dubban takardu tana da damar kafa ƙa'ida, abin da ba ta da damar yi shi ne toshe kunne ga wanda ya zo da sabuwar magana. To ki kula: samun ƙa'ida ba laifi ba ne. Kalmar da za ki farauta a labari ita ce irin "ba ma duba kowace takarda daga masu kaza, ko mene ne dalili".

Layi na biyu gida biyu ne. Akwai tsarin da dokar kanta ta rubuta, kamar ba da sanarwar kwana kaza ko tuntuɓar wata ƙungiya. Akwai kuma adalcin da kotu ke ɗora wa hukuma ko doka ba ta faɗa ba, wanda ya tsaya kan ƙafa biyu: a ji ta bakin mutum, kuma kada mutum ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu.

Ƙafa ta farko ita ce Ridge. Kwamitin kula da 'yan sanda na Brighton ya kori shugaban 'yan sandan garin ba tare da ya sanar da shi zargin ko ya saurare shi ba, kuma korar ta sa shi asarar fansho. Aka ce korar ba ta da inganci. Muhimmancinta shi ne ta rushe tunanin da ake da shi kafin nan, cewa sai hukumar da ke aiki kamar kotu ce kawai ke da wajibin sauraro. Sai dai yawan sauraron da ake bin hukuma bashi ba ɗaya ba ne kullum. Wanda za a ƙwace wa abin da yake ci da shi ya fi mai neman lasisi karon farko haƙƙi. Idan kin rubuta wannan jimla kin nuna wanne ne a labarinki, kin riga kin wuce da yawa daga cikin 'yan ajinku.

Ta biyu, son kai, mataki biyu ne, kuma kada ki haɗa su. Idan mai yanke hukunci yana da kuɗi a maganar, an cire shi kai tsaye, ba sai an tambayi ko kuɗin sun rinjaye shi ba. A Dimes, babban alƙalin Ingila na lokacin, Cottenham, yana da hannun jari a kamfanin da ke shari'a a gabansa, aka soke hukuncinsa duk da ba wanda ya zarge shi da karkata. A shari'ar Pinochet ta 1999 an faɗaɗa wannan ya haɗa da alƙalin da ke da alaƙa ta kusa da ƙungiyar da ta shiga shari'ar, ko babu kuɗi. A sauran yanayi kuwa ma'aunin Porter ake ɗauka: mai kallo mai adalci, wanda ya san yadda abin ya gudana, zai ga akwai yiwuwar karkata ta gaske? Ba ra'ayin mai ƙara ake tambaya ba, ba kuma rantsuwar mai yanke hukunci cewa zuciyarsa fari take ba.

Tunda a Najeriya kike karatu, wannan layin ya fi nauyi a wajenki fiye da ɗalibin Ingila, domin a nan sauraro cikin adalci yana rubuce a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986 ita ce wadda za ki ajiye kusa da Ridge da Dimes. Bayan tarzomar ɗalibai an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'a, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, aka kori ɗalibai. Kotun Ƙoli ta soke korar. Ta kuma ƙara da cewa zargin aikata babban laifi, irin ƙone-ƙone da sata, aikin kotu ne, ba na kwamitin cikin gida ba.

Ita GCHQ ɗin kanta a wannan layi maganarta ta faɗo. An saba tuntuɓar ƙungiyoyin ma'aikatan kafin a sauya sharuɗɗan aiki, saboda haka suna da kyakkyawan zaton za a tuntuɓe su. Kotu ta yarda da haka, amma ta ce hujjar tsaron ƙasa ta rinjaya. Sun ci maganar ƙa'ida, sun faɗi shari'a.

Layi na uku gajere ne, domin ƙofarsa ƙunci gare ta. Ki tuna cewa a Wednesbury kanta mai ƙara bai ci ba. Ƙaramar hukuma ta ba gidan silima izinin buɗewa ranar Lahadi, da sharaɗin kada a shigar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15, ko da babba ya rako shi. Mai shari'a Greene ya ce kotu za ta sa baki ne kawai idan matakin ya kai rashin kan gadon da babu hukuma mai hankali da za ta ɗauke shi, ya kuma kawo misalin malamar makarantar da aka kora saboda gashinta ja ne. Sharaɗin yara bai kai nan ba, mutane masu hankali na iya saɓani a kansa. Diplock ya sake ɗaga katangar a GCHQ, ya ce sai matakin ya yi wa tunani ko ɗabi'ar da aka yarda da ita karan tsaye har ya zama ba mai hankalin da ya zauna ya yi nazari zai kai gare shi. Dalilin tsaurin a fili yake: wannan ne kaɗai layin da alƙali ke leƙa cikin matakin kansa, kuma idan ya sassauta, ya koma shi ne hukumar.

Daly na sa a wurin don ki tuna cewa idan haƙƙin ɗan Adam ya shigo, kotunan Ingila suna amfani da wani ma'auni mai zurfi, na daidaito tsakanin manufa da matakin da aka ɗauka. A can, ƙa'idar gidan yari ce ta sa a fitar da fursuna daga ɗakinsa yayin da ake bincika takardun da ke tsakaninsa da lauyansa, aka ce ta zarce abin da ake buƙata. Diplock da kansa ya ce wata rana ana iya ƙara wannan a jerin.

Yanzu bari mu ɗora jadawalin kan shari'a guda, ki ga yadda ake tafiya. Na zaɓi Hook domin kowa ya san darajar rumfa a kasuwa.

Wani ɗan kasuwa ne a garin Barnsley, ya shekara shida yana kasa kaya ba a taɓa kuka da shi ba. Wata rana da yamma, an tashi kasuwa, an kulle banɗakuna, fitsari ya matsa masa, ya ratse wani lungu. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suka gan shi, aka yi 'yar cacar baki, magana ta kai ga manajan kasuwa. Manaja ya ƙwace rumfar, abin da ya zama hana shi kasuwar har abada. Ya kai kuka gaban kwamitocin ƙaramar hukuma, suka tabbatar da korar. Amma manajan yana zaune tare da su lokacin da suke shawara, shi kuwa ɗan kasuwar yana waje.

Fara da layin farko. Ƙaramar hukuma tana da ikon kula da kasuwarta da masu rumfuna? Tana da shi. An yi amfani da ikon don wata manufa ta ɓoye? Labarin bai nuna ba. To ki faɗi haka cikin jimla biyu ki wuce. Rubuta cewa wani dalili ba ya nan, tare da hujja, shi ma maki ne.

Layi na biyu, nan naman yake. Abin da za a ƙwace hanyar cin abincinsa ce, don haka bashin adalcin da yake bi mai nauyi ne. Mutumin da ya kawo zargin, wanda kuma ya fara yanke hukuncin, shi ne ke zaune a ɗaki lokacin da ake duba ko hukuncin nasa ya yi daidai. Ba sai an tabbatar ya buɗe baki ba, zamansa kawai ya isa. A kan wannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke matakin.

Layi na uku, raba mutum da sana'arsa saboda fitsari a lungu. Mai shari'a Denning ya ce horon ya yi wa laifin yawa nesa ba kusa ba. Amma ki lura da matsayin wannan magana: ƙari ce a kan dalilin tsari, ba ita ce ginshiƙin hukuncin ba. Haka za ki jera ta a amsarki, a ƙarshe, da taka-tsantsan, kina cewa ana iya kawo ta amma ita ce mafi rauni.

Sai ki yi wasan da nake sa ɗalibaina su yi, ki sauya abu ɗaya ki ga inda labarin zai koma. Da a ce doka ta ce kwamiti ne kaɗai ke iya ƙwace rumfa, manaja ya ƙwace da kansa, an koma Barnard. Da a ce an gano ainihin dalilin shi ne ɗan kasuwar ya soki shugaban ƙaramar hukuma a jarida, an koma Padfield. Da a ce akwai ƙa'idar cewa duk wanda aka kama da irin wannan an kore shi, kuma kwamiti ya ce ba ya sauraren uzuri, an koma British Oxygen. Da a ce ƙanin manajan ne ke jiran rumfar, ma'aunin Porter za ki ɗauko, idan kuma manajan da kansa zai ci ribar rumfar, Dimes ce. Da a ce an saurare shi yadda ya kamata, manaja ya fita waje, aka dakatar da shi mako biyu, to babu ƙara, ko da ke kina ganin gargaɗi ya isa.

Kada layukan jadawalin su yaudare ki ki ɗauka katangu ne. Abu guda na iya zama a gida biyu. Misalin malamar nan mai jan gashi saɓa wa hankali ne, kuma la'akari ne da abin da bai shafi batun ba, Greene ma ya faɗi cewa dalilan suna shiga cikin juna. Idan kin ci karo da irin wannan, ki ajiye shi a layin da ya fi sauƙin tabbatarwa, ki ambaci ɗayan a jimla guda.

Abu na ƙarshe da za ki rubuta a ƙasan jadawalin da jan biro shi ne abin da mai ƙara zai samu. Idan kotu ta soke mataki, yawanci mayar da maganar take yi ga hukumar ta sake yankewa bisa ƙa'ida. Ɗan kasuwar da ya ci ƙara kan tsari zai iya komawa gaban sabon kwamiti, ba manaja a ɗaki, a saurare shi tsaf, a kuma sake hukunta shi. A Padfield ma haka aka yi: minista ya kai koken gaban kwamiti kamar yadda aka umarce shi, kwamiti ya ba manoman gaskiya, shi kuma ya ƙi aiwatar da shawarar. Ba da umarnin ma zaɓin kotu ne, ba dole ba. A Ingila ana shigar da ƙarar ne da gaggawa, kada a wuce wata uku, kuma tun 2015 doka ta ce kotu ta ƙi ba da umarni idan ya bayyana ƙwarai cewa ko an bi tsarin sakamakon ba zai sauya sosai ba. Saboda haka idan tambaya ta ce ki ba mai ƙara shawara, bayan kin gama da layuka ukun, ki duba ranar da aka ɗauki matakin da ranar da ya zo ofishinki, sannan ki faɗa masa ko rumfarsa zai samu ko kuwa damar a sake sauraronsa kawai.